Kamfanin takaful ya nemi takardar ƙiyasin gwal ɗina, maigida ya ce tonon asiri ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana biyu. Watan jiya ɓarayi suka shiga gidan maƙwabciyata da rana tsaka suka kwashe mata gwal, tun daga ranar ba na barci sosai. Ina da saitin sarƙa da 'yan kunne na lefena, giram 60, rasit ɗinsa na 2021 ya nuna naira miliyan 1.7. Akwai zobba da ƙananan sarƙoƙi da na saya a hankali, wasu ba rasit. Sai awarwaro huɗu na mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, waɗanda suke hannuna, ba mu raba da ƙanwata ba tukuna. Na je wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, suka ce sai na kawo takardar ƙiyasin kuɗin kayan. Maigida ya ce wannan tonon asiri ne da asarar kuɗi, rasit ya isa. Shi kuma Alhajin da muke sayen gwal a wurinsa ya ce zai rubuta min kyauta, har ya ƙara kuɗin don in ci riba idan wani abu ya faru. Ni kuma ina tsoron in ba da kayana a canza min ko a kankare. Me ake rubutawa a takardar nan? Wa zan kai wa? Kuma sau ɗaya ake yi ko sai an riƙa sakewa?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya kuma mayar wa maƙwabciyarki da alheri. Rashin barcin nan ba abin kunya ba ne. Gwal a hannun mace shi ne asusunta, shi za ta ɗaga ranar asibiti ko ranar kuɗin makaranta, ga kuma wanda hannun mahaifiya ya taɓa, wanda ba a sayensa a kasuwa. Kin yi daidai da kika tashi neman mafita tun kafin a shigo miki.

Zan fara da maganar rasit, domin a nan ne maigida ya yi kuskure, kuma kuskure ne da mutane masu hankali da yawa suke yi. Rasit yana tabbatar da cewa kayan naki ne, yana faɗin abin da aka biya a ranar da aka saya. Ba ya faɗin abin da za ki biya yau idan kika koma kasuwa neman irinsa, alhali wannan ne abin da inshora take aiki da shi. A 2021 oza ɗaya ta gwal a kasuwar duniya tana wajen dala 1,800, dala kuma tana wajen naira 500 a hannun 'yan canji. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta, a 2024 dala ta haura naira 1,500. Shi ma gwal ɗin bai tsaya ba: oza ta wuce dala 3,000 a watan Maris na 2025, ta wuce 4,000 a watan Oktoba na shekarar. Tashi biyu ne suka hau kan juna, na dala da na gwal.

Ga yadda ake lissafin, ki riƙe shi don zai yi miki amfani har gaba. Oza ɗaya ta gwal giram 31.1 ce. Don sauƙi mu ce oza tana dala 3,110, kin ga giram ɗaya na tsantsar gwal dala 100 ke nan. Idan dala tana naira 1,500, giram ya zama naira 150,000. Amma saitinki ba tsantsa ba ne. Idan karat 21 ne, kamar da yawa daga cikin na Saudiyya da Dubai da ake sa wa a lefe, to gwal ɗin da ke ciki kashi 87.5 ne cikin ɗari, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da aka haɗa don ya yi ƙarfi. Giram ɗinsa ya koma naira 131,250. Ki ninka sau 60, ki sami naira miliyan 7 da dubu 875, ba a ma sa kuɗin aiki da ribar mai shago ba. Wannan misali ne kawai, ranar da za ki yi naki sai ki ɗauki farashin ranar. Amma ko a haka, ki ajiye shi kusa da miliyan 1.7 da ke jikin rasit, ki nuna wa Abban yara. Ina jin lissafin zai yi masa bayanin da baki ba zai yi ba.

Abin da ya sa wannan giɓin yake da haɗari shi ne wani sharaɗi da ake yawan sakawa a takardun inshorar dukiya. Idan kika rubuta kayanki a ƙasa da kuɗinsu na gaskiya, kamfani zai ɗauka ke kika riƙe wa kanki ragowar haɗarin, sai ya biya ki gwargwadon kason da kika rufe. Mu ce duk gwal ɗinki ya kai miliyan 20, ke kuma kin rubuta miliyan 5 bisa tsofaffin rasit. Kin rufe kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Aka sace saitin miliyan 8 kaɗai. Za ki yi zaton tunda miliyan 5 kika rubuta, aƙalla za a ba ki biyar ɗin. A ƙarƙashin wannan sharaɗi miliyan 2 za a ba ki, kashi ɗaya cikin huɗu na asarar, sannan a cire ɗan kason farko da mai kayan kan ɗauka da kansa. Ki tambayi kamfanin kai tsaye ko wannan sharaɗin yana cikin tasu takardar, kuma su nuna miki layin da idonki.

Yanzu tayin Alhaji. Na yarda da kyakkyawar niyya ya yi shi, yana ganin taimakon abokiyar ciniki ne. Amma kada ki karɓi ƙarin nan. Inshora ba ta ba da riba, mayar da mutum take yi inda yake kafin asara. Idan aka rubuta miliyan 15 a kan kayan miliyan 9, kowace shekara za ki riƙa zuba kuɗi a kan miliyan 15, ranar da abu ya faru kuma kamfani zai turo nasa mai binciken ya ɗauki nauyi da karat ya yi irin lissafin da muka yi a sama, ya tsaya a kan tara. Mafi muni, idan suka gane da gangan aka kumbura kuɗin, suna da hujjar ƙin biyan komai. Ga kuma abin da ke tsakaninki da Allah: a takaful, kuɗin da za a biya ki daga asusun da sauran mahalarta suka zuba yake fitowa, mutane irinki. Ƙarya a kan wannan asusu cin haƙƙinsu ne.

Wannan ba ya nufin Alhaji ba shi da amfani. Ya san gwal, ya san farashin kasuwa na yau fiye da mai zama a ofis, kuma tunda a wurinsa kika sayi wasu, zai iya duba littafinsa ya sake ba ki shaidar saye ta waɗanda rasit ɗinsu ya ɓata. Ki roƙe shi wannan. Amma ƙiyasin kansa, kafin ki kai wa kowa, ki koma wurin kamfanin ki tambaye su takardar wa suke karɓa. Wasu suna da masu ƙiyasin da suke aiki da su, wasu suna amincewa da ta dillalin gwal mai rajista idan tana kan takardar shagonsa da hatimi da sa hannu. Su ba ki amsar a rubuce, ko da saƙon waya ne. Babu takaicin da ya kai ki biya kuɗin ƙiyasi, bayan sata a ce miki ba a san wanda ya rubuta ba. Idan kina da zaɓi, ki ɗauki wanda ba shi ya sayar miki ba kuma ba ya neman saye daga gare ki. Ladansa kuma ya zama tsayayyen kuɗi, ko a kan kowane abu ko a kan lokacin da ya ɓata. Wanda zai karɓi kaso daga jimlar da ya rubuta, kin san inda alƙalaminsa zai karkata.

Ita takardar, ga ma'aunin da nake so ki gwada ta da shi: a ce kayan sun ɓace, aka miƙa wa maƙerin da bai taɓa ganinsu ba wannan takarda, zai iya nemo ko ƙera irinsu? Idan abin da aka rubuta shi ne "sarƙar gwal ɗaya, miliyan takwas", ba a yi komai ba. Kowane abu layinsa daban, ko da saiti ne: sarƙa daban, 'yan kunne daban, abin hannu daban, zobe daban. A kowanne a faɗi nauyinsa da giram har lamba biyu bayan ɗigo, kamar 38.45, a faɗi karat, a faɗi yadda aka gane karat ɗin. A rubuta tsawon sarƙa, faɗin awarwaro, irin saƙar, irin maƙullin, da ko cikinsa a cike yake ko holoƙo ne. A rubuta tambarin da ke jiki. Ki ɗauki sarƙarki yanzu ki duba kusa da maƙulli, ko cikin zobe: 875 ko 21K na nufin karat 21, 916 karat 22 ne, 750 kuma karat 18, wanda aka fi gani a kan na Italiya. A rubuta halin da kayan suke ciki, inda ya lotsa, inda aka taɓa yin walda. A haɗa da hoto mai kyau na kowanne, gaba da baya da kuma tambarin, zai fi kyau a ɗauke shi a kan sikeli lambar nauyin tana fitowa.

Tambari kaɗai ba hujja ba ne, domin ana buga shi a kan jabu. Shi ya sa za a gwada. 'Yan gwal na kasuwa sun saba goga kayan a kan baƙin dutse su ɗiga ruwan gwaji a kan layin da ya bari. Abin da ke fita a wannan gogawar bai kai a gani a sikeli ba, don haka ki kwantar da hankalinki a kan kankarewa. Wasu manyan shaguna suna da na'urar XRF, wadda take karanta kason ƙarafan da ke ciki ba tare da an goga ba. Duka biyun fatar sama suke karantawa, saboda haka ƙwararre ba ya tsayawa a wuri ɗaya: zai gwada jikin sarƙa, ya gwada maƙulli, don sau da yawa maƙullin da aka canza a wurin gyara bai kai karat ɗin sarƙar ba. Awarwaron Mama musamman a duba su da kyau. Tsofaffin awarwaro masu kauri wani lokaci ana cika cikinsu da wani abu don kada su lotse, sai nauyin sikeli ya fi nauyin gwal ɗin.

Haka batun duwatsu. Idan akwai duwatsun ado a jikin saitin, takarda ta faɗi ko na ƙwarai ne ko gilashi, ta ba da nauyin kayan gaba ɗaya sannan ta ƙiyasta nauyin gwal ɗin shi kaɗai. Idan kina da daiman na gaske, wannan ya wuce aikin ɗan gwal, sai mai ilimin duwatsu. Zai rubuta nauyin dutsen, launinsa, tsabtarsa da yankansa, da lambar shaidarsa idan ya zo da takardar wata cibiya irin GIA, ya kuma faɗi ko na ƙasa ne ko wanda aka haɗa a ɗakin gwaji, domin a ido ɗaya suke amma kuɗinsu ya yi nisa da juna. Idan ba ki da shi, ki wuce wannan.

Sai abin da aka fi mantawa, wanda ni a wurina ya fi jimlar kuɗin muhimmanci. Takarda ta faɗi ranar da aka yi ta, farashin giram da aka yi aiki da shi a ranar, da kuma dalilin ƙiyasin. Gwal ɗaya yana da farashi fiye da ɗaya. Akwai abin da Alhaji zai ba ki idan kika kai masa sayarwa, wanda babu kuɗin aiki a ciki, an cire nauyin duwatsu, an kuma rage wani abu. Akwai abin da za ki biya ki sayi sabo irinsa, da kuɗin aiki da ribar shago. Na biyun ake so a inshora, kuma a rubuta ƙarara cewa kuɗin mayewa da irinsa ne. A ƙarshe sunan mai ƙiyasi, adireshin shagonsa, lambar rajistarsa da sa hannunsa.

Tsoron a canza miki kaya yana da magani mai sauƙi: kada kayan su bar idonki. Gwal ɗin da ba shi da duwatsu masu tsada ana gama auna shi da gwada shi a zama ɗaya, kina zaune. Kafin ki fita daga gida ki ɗauki hoton kowanne, ki rubuta jerinsu. Ki sa a nuna miki sikeli yana kan sifili kafin a ɗora. Nauyin saitin ya yi daidai da giram 60 na rasit, ko ya gaza da ɗan abin da sawa take cinyewa. Idan bambancin ya kai giram guda ko fiye, a tsaya a gano dalili. Wanda ya ce ki bar kayan ki dawo gobe, ko zai shiga da su ciki, ki ce masa kin gode. Ki tafi da maigida ko wani ɗan'uwa namiji, a mota, ba tare da an sanar da kowa ba, kuma idan kayan suna da yawa ki raba su tafiya biyu.

A nan ne nake ganin Abban yara yana da gaskiya, kuma ki faɗa masa haka. Takardar da ta jera gwal ɗin gida da hotuna da adireshi, idan ta faɗa hannun banza, jagora ce ga ɓarawo. Sata da yawa daga bakin na kusa take farawa. To a rage masu sani: ke, shi, mai ƙiyasi, da jami'in kamfani. Ba sai an sa adireshin gida a takardar ƙiyasi ba, suna ya isa. Kada a kira mai ƙiyasi gida. Kada takardar ta kwana a akwati ɗaya da gwal ɗin, domin wanda ya ɗauki ɗaya zai haɗa da ɗayan, gobara ma haka. Ki ajiye asalin a wani wuri, ki tura wa kanki hotonta a imel. Idan kuma damuwarsa ta haɗa da halascin abin, takaful an gina shi ne a kan taimakekeniya, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kuma kowane kamfani yana da kwamitin malamai masu sa ido. Ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Gwal ɗin naki ne, shari'a ta ba ki iko da dukiyarki, amma a gida ɗaya kuke kwana, kuma abin zai fi tafiya daidai idan da shi aka yi.

Awarwaron Mama kuwa, ki kira ƙanwarki kafin ki kai su ko'ina. Amana ce a hannunki, ba mallakarki ke kaɗai ba, kuma kamfani zai tambayi na wane ne. Idan kika rubuta su da sunanki ba ta sani ba, ko da niyyarki tsarewa ce, ranar da ta ji za ta iya fassara shi daban. Ki gaya mata, in ta samu dama ku je tare, a rubuta cewa na magada ne. Ki lura kuma, idan kuka zo rabo, ba da kuɗin takardar inshora za a raba ba, da farashin da za a saya a hannunku ranar rabon ne, in ba haka ba wadda ta riƙe awarwaron ta biya 'yar'uwarta za ta biya fiye da ƙima. Shawarata ma ku daina jan rabon nan. A kira wanda ya san rabon gado, a tabbatar ko akwai wasu magadan bayan ku biyu, kowa ya san nasa.

Batun sabuntawa. A ƙasashen da kuɗinsu ba ya rawa sosai, masu wannan sana'a kan ce a sake ƙiyasi duk bayan shekara biyu zuwa biyar. Mu nan wannan ya yi tsawo. Amma abin da zai sauƙaƙa miki shi ne, rabin takardar ba ya tsufa. Nauyi da karat da hoto suna nan yadda suke, kuɗin ne kawai yake motsi. Don haka duk shekara, wata guda kafin lokacin sabunta takaful, ki tambayi farashin giram na karat ɗinki a shago biyu ko uku, ki kwatanta da wanda aka rubuta a takarda. Idan an rubuta 131,250 yanzu kuma ana cewa 165,000, ya tashi da kusan kashi 25 cikin ɗari, sai ki nemi mai ƙiyasin ya ba ki sabon shafin farashi, ki kai wa kamfani a ɗaga jimlar. Ni ina ganin duk motsin da ya kai kashi 15 zuwa 20 ya isa a tashi, ko da shekara ba ta zagayo ba, kamar ranar da kika ji dala ta yi tsalle. Idan farashin ya sauka ma a rage, kada ki riƙa biya a kan abin da babu. Cikakken ƙiyasi da sake aunawa kuma, duk shekara biyu ya wadatar, sai dai in kayan sun canza: kin sayi sabo, kin yi musaya da wani yayi, an rage tsawon sarƙa, an yi walda, ɗan kunne ɗaya ya ɓace, ko an raba gadon. Kowanne daga cikin waɗannan ya faru, a gyara takarda a cikin watan, domin abin da ba ya cikin jeri ba a biyansa.

Kafin ki sa hannu, akwai tambayoyin da takardar ƙiyasi ba za ta amsa miki ba, sai kamfani. Shin kariyar ta tsaya a cikin gida ne, ko ta bi ki gidan biki da tafiya Umara? Inshorar sata ta gida sau da yawa tana biya ne kawai idan an fasa ƙofa ko taga an shiga da ƙarfi, ba ta ɗaukar abin da mai aiki ko baƙo ya zare, ko wanda ya faɗi a hanya. Akwai iyakar abin da suke biya a kan abu guda idan ba a ambace shi da sunansa ba? Sun wajabta akwatin ƙarfe, kuma wane iri? Idan ɗan kunne ɗaya ya ɓace, kuɗin ɗaya za su biya ko na biyun? Kwana nawa kike da shi ki sanar da su, kuma wace takardar 'yan sanda suke buƙata?

Idan kuɗin shekara ya yi miki nauyi bayan an rubuta farashin gaskiya, kada ki rage farashin don ya sauko, kin ga inda wannan yake kaiwa. Ki rage yawan kayan. Ki tambaye su ko za su rufe saitin lefe da awarwaro kaɗai, kowanne da sunansa da cikakken kuɗinsa, a bar ƙananan zobba a waje. Ko ki bincika ko reshen bankinku yana ba da hayar akwatin ajiya, ki kai waɗanda sai biki kike sawa, ki tuna dai banki ba lallai ya ɗauki alhakin abin da ke cikin akwatin ba, sai ki karanta sharaɗinsu. Ko da a ƙarshe kun yanke ba za ku shiga takaful ɗin ba, ki yi ƙiyasin. Da shi za ki kai ƙara wurin 'yan sanda, da hotunansa za a zagaya wa 'yan gwal idan aka kawo musu kayan sayarwa, da nauyin da ke ciki za ki tambayi malami ko abin da kika ajiye ba don sawa ba ya kai nisabin zakka, wanda yake wajen giram 85 na tsantsar gwal. Ki fara da kiran ƙanwarki a wannan makon, sannan ki tura wa kamfanin tambayar wanda suke karɓar takardarsa. Allah ya tsare ki da iyalinki.